Mai neman aiki a Tamaske: minti 30 a rana sun isa, sauran lokacin na dosiye ne

Yau da matasanmu masu difloma nake, waɗanda ke wuni da waya a hannu suna jiran sanarwar ɗaukar aiki. Ra'ayina shi ne wannan wunin asara ne. A Tamaske, Keita, Buza da Madawa, da wuya mutum ya rasa aiki don bai ga sanarwa ba. Yakan gan ta, amma ranar rufewa ta iske takardunsa ba su cika ba.

Ga misali. Ranar Litinin ka ga wata ƙungiya na neman masu zagaya ƙauyuka su tattaro bayanai a Keita da Buza, kuma a ajiye dosiye a Tawa kafin Juma'a. Ana son CV, kofin difloma da aka buga wa hatimi, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kaziye da bai wuce wata 3 ba, da katin ANPE, hukumar samar da aikin yi. Idan kaziyenka ya tsufa, sai ka je kotu. Hatimi kuma sai ofishin magajin gari. Ga neman kuɗin mota, ga shi Juma'a rabin wuni ake aiki a ofisoshin gwamnati. Kwana 4 sun tafi. Wanda dosiyensa ke cikin jaka, Talata ya riga ya ajiye, ko da ka riga shi ganin sanarwar da awa 5.

Shi ya sa nake cewa a yanka wa waya lokaci. Da safe minti 20, bayan isha'i minti 10, shi ke nan. Da safe ka buɗe wurare 3 kawai, kullum a jere ɗaya: shafin Nigeremploi, sai ReliefWeb idan aikin ƙungiyoyin agaji kake nema, sai gurup-gurup ɗin WhatsApp. A WhatsApp kada ka tsaya karanta saƙo ɗaya bayan ɗaya. Shiga wurin bincike ka rubuta "Tahoua", sannan "Keita", sannan "recrutement", abin da ya shafe ka zai fito shi kaɗai. Ka kashe ƙarar gurup ɗin, ka hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, don su ke cinye mega. Gurup 2 ko 3 sun isa, tunda sanarwa guda ce ke yawo daga wannan zuwa wancan.

Kowace sanarwa, fara ta daga ƙasa. Nemi "date limite", wato ranar rufewa, har da shekarar, domin sau da yawa tsofaffin sanarwa na bara ke dawowa kamar sabbi. Sai ka duba inda ake ajiye dosiye: Tawa, Yamai, ko ta imel. Sai diflomar da ake so da shekarun aiki. Idan ɗaya cikin ukun nan bai yi maka ba, wuce, ba sai ka karanta sauran ba. Wadda ta yi, rubuta ta a littafi: sunan aikin, ranar rufewa, takardar da ta rage maka. Minti 10 na dare na wannan littafin ne, ka ga me ya kamata ka yi gobe.

Sannan ka ware wuni ɗaya a mako na takardu: ka duba kwanan watan kaziye, ka ƙara kofi, ka ɗauki hoton kowace takarda ka adana a waya. Idan ba ka da katin ANPE, shigarka Tawa ta gaba ka nema.

Wani zai ce, to ai wanda ya riga gani shi ke samu. Gaskiya ne a aikin kwana biyu, kamar rabon kaya ko gyaran fili. Amma irin wannan yawanci ta bakin magajin gari, masu unguwa, allon sanarwa da rediyon gari yake fitowa, kuma zaman waya bai kawo shi. Leƙa ofishin magajin gari sau ɗaya a mako ya fi amfani.

Akwai kuma sanarwar da gaggawa ce makaminta: babu adireshin ofis, lambar waya ce kaɗai, an ce a turo kuɗin dosiye yau-yau kafin gurbi ya cika. Wannan tarko ne, kuma wanda ya wuni yana jiran waya shi ya fi saurin faɗawa. Mai littafi yakan jira safiya, ya nemi sunan ƙungiyar a shafinta, ya tambayi wani da ke Tawa ko ofishin na nan.

Don haka tun yau ka fiddo dosiyenka ka duba kaziye. Idan ya wuce wata 3, aikinka na gobe yana kotu. Allah ya ba kowa halalinsa.