Bestin atamfa: ado ɗaya ya isa jiki

Masu saurarenmu na Falanko da sauran ƙasar Damargu, tun da samari da ƴan mata suka fara ɗora bestin atamfa a kan wandon bature ko doguwar riga marar zane, wasu ke cewa kwaikwayon nasara ne. Mu dai a ganinmu ba haka ba ne. Bestin gwanjo da ake jibgewa a kasuwa shi ne na wasu. Wannan kuwa telanmu ne ya yanka, kuɗin ɗinkin a garinmu suka tsaya. Kuma tun 1998 da Alphadi ya buɗe bikin FIMA a Tigidit kusa da Agadas, duniya ta san ɗinkin Nijar.

Inda ake ɓata abin shi ne wajen haɗi. Atamfa mai surutu ce, don haka abin da ke ƙarƙashinta sai ya yi shiru. A ce ka sayi mai shuɗin ƙasa da furanni ruwan ɗorawa. Ka ɗauki launi ɗaya daga cikinta, shuɗin mai duhu, ka yi wando da shi, ka sa farar riga a ciki, shi ke nan. In ka ƙara wando mai ratsi, ido zai rasa inda zai sauka. Farin wando kuma, da ƙurar hunturunmu, kafin ka kai Tanut a kan babur ya koma ja. Kaki ya fi rufa asiri. Ke ma ƴar'uwa, doguwar rigar da gyalen su zama launi ɗaya, bestin ya sauko ya rufe ƙugu. Mutunci bai ragu ba.

Sai zancen yadi. Turmi yadi 6 ne, besti mai dogon hannu kuwa yana cin wajen yadi 2 da rabi. In furannin manya ne, a ba tela 3, don ya samu wurin daidaita su. Ke nan turmi ɗaya na iya fidda besti biyu, ku haɗa kuɗi da aboki. A wanke atamfar kafin a yanka, saboda auduga tana tsukewa, in ba haka ba wankin fari zai bar shafin ciki yana leƙowa. Shafin kuma a sa na auduga. Na leda a zafin bazara gumi kawai yake tarawa.

Ranar karɓar ɗinki, kada a biya sai an gwada. A ɓalla maɓallan a duba gaba: furen dama ya haɗu da na hagu? A juya baya a duba ɗinkin tsakiya, a tabbata zanen hannuwan biyu yana fuskantar wuri ɗaya. In kafaɗa ta zarce taka, a mayar wa tela ya gyara tun kuɗin suna aljihunka.