Ba a Auna Falsafar Shari'a da Jan Layi

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a sassan koyar da aikin lauya, wadda yawancin malamai suka yi na'am da ita har ba a ko tsayawa a tambayi hujjarta, wato a jera wa ɗalibi sunayen mazhabobi uku na falsafar shari'a a hannun dama, a jera gajerun bayanai uku a hannun hagu, sa'an nan a ce ya haɗa kowane suna da bayaninsa. Mazhabar dokar fiɗira, a ce doka sai ta dace da adalci. Mazhabar gindayayyiyar doka, wadda ake kira fozitibizim, a ce doka umarnin mai mulki ce. Mazhabar waƙi'i, wato riyalizim, a ce doka ita ce abin da alƙalai suka yanke. Masu kare wannan hanya suna cewa tana da sauƙin dubawa, ba ta barin ƙofar son kai, kuma tana tabbatar da ɗalibi ya riƙe tushe. Ni kuwa ina ganin tushen da take dasawa karkatacce ne.

Mu fara da lissafi, tun da shi ne hujjar da suka fi tinƙaho da ita. Sunaye uku da bayanai uku hanyoyi shida kaɗai ake iya haɗa su, saboda haka wanda bai taɓa buɗe littafi ba, in ya yi kirdado, yana da rabo ɗaya cikin shida na cinye makin duka. Wanda ya san guda ɗaya ya koma rabi da rabi. Wanda ya san biyu kuwa an ba shi na ukun sadaka. Sanin ma da ake nema bai wuce farautar kalma ba, domin yaro mai wayo da ya ga "adalci" ya san inda zai ja layi, haka "umarni", haka "alƙali", alhali bai fahimci mas'alar da ta raba mutanen nan ba.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, bayanan da kansu ba su da inganci. Cewa doka umarnin mai mulki ce wanda ake tsare shi da barazanar horo, ra'ayin John Austin ne a littafinsa na 1832; amma H. L. A. Hart, wanda shi ne babban limamin wannan mazhaba a ƙarni na 20, ya ɓata babi bayan babi a littafinsa na 1961 yana rushe wannan magana, yana nuna cewa da haka abin yake da ba a bambanta doka da umarnin ɗan fashi mai riƙe da bindiga ba, kuma da dokokin da suke ba mutum ikon yin wasiyya ko ƙulla ciniki, waɗanda ba su umarci kowa da komai ba, ba su samu mazauni ba. Ashe ke nan ɗalibin da ya karanta Hart da idon basira shi ne zai yi jinkiri a gaban takarda, wanda ya haddace layi ɗaya kuwa ya wuce abinsa. Haka nan Thomas Aquinas, wanda ake jingina masa cewa dokar zalunci ba doka ba ce, ya yarda cewa wani lokaci a bi irin wannan doka don gudun fitina, muddin ba ta umarci saɓon Allah ba. Kalmar riyalizim kuma ta haɗa mutanen Amurka irin su Karl Llewellyn da Jerome Frank da mutanen arewacin Turai irin su Alf Ross, waɗanda damuwarsu daban take.

Bari in kawo shari'a ɗaya daga ƙasarmu, a ga ko jan layi zai iya da ita. Bayan sojoji sun karɓi mulki a 1966, an kafa kwamitin binciken dukiyar ma'aikata a Jihar Yamma, aka hana wani mutum mai suna Lakanmi taɓa kadarorinsa, da ya kai ƙara kuma Gwamnatin Tarayya ta fitar da Dikiri mai lamba 45 na 1968 don ta tabbatar da umarnin, ta kuma toshe ƙofar kotu. A watan Afrilu na 1970 Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Adetokunbo Ademola, ta yanke cewa abin da ya faru a Janairun 1966 miƙa mulki ne na wucin gadi bisa larura, cewa tsarin mulkin 1963 yana nan da ransa, kuma dikirin ya shiga hurumin alƙalai tun da hukunci ne aka yanke wa mutane da sunayensu a rigar doka. Cikin makonni kaɗan gwamnati ta mayar da martani da Dikiri mai lamba 28 na 1970, wanda ya ayyana abin da ya faru a matsayin juyin juya hali, ya kuma ɓata duk hukuncin da ya taɓa ingancin dikiri.

To, a wane gefe za a ja layin gindayayyiyar doka? Hujjar gwamnati irin ta Hans Kelsen ce, cewa juyin da ya yi nasara yana sauya asalin da dokoki suke samun inganci daga gare shi; hujjar kotu kuma daga nassin tsarin mulki ta fito. Ke nan ɓangarorin biyu duka cikin mazhaba ɗaya suke jayayya, saɓaninsu kawai a kan wane ne asalin. Mai bin dokar fiɗira zai ce ƙwace dukiya ba tare da shari'a ba zalunci ne, amma sauran aiki na gabansa, domin sai ya faɗa mana ko alƙali zai ƙi zartar da dikirin ko zai haƙura don gudun fitina. Mai bin waƙi'i kuwa, wanda aka taƙaita shi da cewa doka ita ce hukuncin alƙali, ga kotu mafi girma ta yi magana, kafin tawada ta bushe an share. In yana da gaskiya, gaskiyarsa tana cikin nasihar Oliver Wendell Holmes ta 1897, cewa lauya ya yi hasashen abin da kotu za ta aikata a zahiri, hasashen da a 1970 ba ya yiwuwa sai an dubi barikin soja.

Malamanmu na zaure sun san wannan tun da daɗewa. Ba wanda zai ba almajiri ijaza don ya ce Imamu Malik yana riƙo da aikin mutanen Madina, Abu Hanifa kuma da ƙiyasi, sai an aza masa mas'ala an ga yadda zai fitar da hukunci daga usuli. Saɓanin Mu'utazilawa da Ash'ariyawa a kan ko hankali yana gane kyakkyawa da mummuna kafin zuwan shari'a, wanda ya yi kama da tambayar dokar fiɗira, ba a taɓa ɗaukarsa abin da layi ɗaya zai ƙunsa ba.

Na san uzurin malamai, cewa ajin ya cika maƙil, takardu tuli, lokaci kuma ƙanƙane, kuma uzuri ne na gaskiya. Amma maganinsa a rage yawan tambayoyi a ƙara musu nauyi: a ba ɗalibi shari'ar Lakanmi cikin layi goma, a ce ya rubuta shafi guda yana bayyana abin da kowace mazhaba za ta tambaya, da inda mabiyanta za su saɓa wa juna. Wanda ya iya wannan ya san sunayen dole; wanda ya san sunayen kaɗai bai san komai ba tukuna. Ina roƙon masu tsara jarrabawa su bar jan layi ga gwajin makon farko, kada su bari ya shiga makin da za a ɗora shaidar digiri a kansa.