Jan Layin da Ya Makara

Ku akawun shagunan sari na kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kawo da Tudun Wada, masu haɗa wa iyayen gidanku rahoton kaya a kwamfuta, aikinku bai yi ba. Kun ɗauki lamba ɗaya, katan 20, kun lanƙaya wa kowane kaya, kun ce idan ya gaza haka layinsa ya yi ja. Wa ya ba ku 20 ɗin? Lalaci ne kawai, kuma jarin Alhaji ne yake ji a jika.

A ce taliya kuke ɗaukowa daga kasuwar Singa ta Kano, kwana 2 ta iso. Madara kuwa daga Legas take zuwa, a ce kwana 12 tun daga ranar da aka tura kuɗi har ranar da 'yan dako suka jera ta a sito. Wannan ne tsawon jira na gaskiya, ba wanda direba ya faɗa a waya ba. Idan katan 6 na madara ke fita kullum, kafin mota ta iso an sayar da 72. Ƙara na kwana 3 saboda lalacewar mota ko cunkoson hanya, wato 18, iyakarta ta zama 90. Ku kuwa sai ta sauko 20 kuke ihu. Ba ta kai kwana 4 ba ta ƙare, a yi sama da mako ana ce wa masu saye su dawo jibi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Layi ɗaya ya isa a Excel. B abin da ke sito, C abin da aka riga aka saya yana hanya, D fitar kullum, E kwanakin jira, F yawan katan na ko-ta-kwana:

```
=IF(B2+C2<=D2*E2+F2,"A SAYO","")
```

Wanda ya bar C a waje zai sa a sayi kaya ɗaya sau biyu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda kuke fitar da D. An sayar da katan 120 a wata, sai ku raba da 30, ku rubuta 4. Alhali kwana 10 na watan babu ko katan ɗaya a shagon! Kwanakin da akwai kaya 20 ne, saboda haka amsar 6 ce. Da 4 ɗinku iyaka za ta faɗo ƙasa, kaya su sake yankewa, lissafin wata mai zuwa ya ƙara raguwa, har ku gaya wa Alhaji madara ta daina tafiya. Ku buɗe littafin sito, ku cire duk ranar da ragowar kaya ta nuna sifili kafin ku raba. In azumi ya gabato kuma, D na sukari da madara a ɗauko shi daga cinikin azumin bara.