Sana'ar Cajin Waya Da Hasken Rana

Inda famfo ba ya kawo ruwa, wuta kuwa sai an ga dama, sana'o'i uku ba sa rasa ciniki: sayar da ruwa, sayar da gawayi, da cajin waya. A wannan wata za mu duba ta ukun, gama mutane da yawa suna shiga cikinta da murna, bayan shekara guda kuwa su fita da batir matacce. Dalili shi ne ba su zauna sun yi lissafi tun da fari ba.

Kaya uku ne tushen aikin. Akwai farantin sola mai kama hasken rana, da batir mai ajiye wutar, da kwantirola, wadda ke tsakaninsu tana hana batirin cika fiye da kima. Kada a haɗa faranti da batir kai tsaye don gudun kuɗin kwantirola. Inbata kuwa ba dole ba ce, tana ma cin wuta a banza. Caja irin ta mota, mai aiki da bolt 12, ta isa.

Bari mu ɗauki faranti mai wat 100. A ƙasarmu ta Arewa, hasken yini guda ya yi daidai da wajen awa biyar na rana mai ƙarfi. Wat 100 sau biyar ya ba mu 500, amma zafi da ƙura da wayoyin haɗi sukan ci rabonsu, sai mu dogara ga 350 kaɗai. Mu ɗauke shi kamar mudu 350 na hatsi da ke shiga rumbu kowace rana. Babbar waya takan ci wajen mudu 20 kafin ta cika, ƙarama mai maɓalli kuwa wajen 5. Ashe farantin nan zai ciyar da manyan wayoyi 10 da ƙanana 30 a yini. Wanda ya karɓi fiye da haka kullum, rumbunsa yake ci, wato batir.

A nan ne yawancin hasara take. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar mudu 1,200, amma idan irin na dalma ne, rabi kawai aka yarda a ɗiba. In ana kwashe shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai daɗe ba. Batirin mota ma bai dace ba, domin an yi shi ne ya ba da ƙarfi na ɗan lokaci ya ta da inji. A nemi wanda aka yi musamman domin sola. Rabin nan da ake iya ɗiba shi ne zai riƙe mai sana'a kwana ɗaya ko biyu na hadari a watan Agusta.

Ta yaya za mu san lafiyar batir? A auna shi da mita da asuba, kafin rana ta fito, bayan ya huta ba a jona masa kome ba. Idan ya nuna 12.6, a cike yake. Idan 12.2 ne, ya kai wajen rabi, sai a rage karɓar waya ranar nan. Ƙasa da 12 kuwa ana cutarsa. Batirin da ke cika da sauri, ya kuma ƙare da sauri, ya kusa mutuwa.

Farantin kuma yana son kulawa. A kafa shi yana fuskantar kudu, a ɗan karkace domin ruwan sama ya wanke shi. Lokacin hunturu a goge shi da tsumma mai laushi kowace safiya. Inuwar reshe guda a gefensa tana iya rage wutar ƙwarai, saboda haka a duba wurin safe da yamma kafin a kafa.

Sai batun kuɗi. A ce, alal misali, ana karɓar naira 100 a babbar waya, 50 a ƙarama. Cinikin yini ya zama naira 2,500. Ba duka ne riba ba. In an sayi batirin naira 140,000, ana sa ran ya yi shekara biyu, wato wajen kwana 700, to naira 200 ta kowace rana ta batir ce. A jefa ta a asusu dabam, a kuma ƙara kaɗan domin farashi ba ya tsayawa. Kowa ya sa farashin garinsu a wannan lissafi.

Abu na ƙarshe shi ne amana. Waya guda in ta ɓata ko aka musanya, tana iya cinye ribar watanni. A yi akwati mai kwaɗo da iska ke shiga, a liƙa wa kowace waya lamba, a ba mai ita irin lambar, kada kuwa a miƙa wa ɗan aike sai ya kawo ta. Wayar da batirinta ya kumbura, a mayar wa mai ita nan take, gama tana iya kama wuta.

A wata mai zuwa za mu duba sana'ar ruwa.