Bazde da dubu 70: kafin ki kira mai kek, ki ƙirga baki

1/ Watan jiya muka yi wa 'yar ɗakinmu bazde, ni aka damƙa wa kuɗin. Abin da na gani ya sa nake cewa yawancinmu daga ƙarshe muke fara lissafi. Kek da ado muke fara tambaya, abinci sai kuɗi ya ƙare a tuna da shi. Ku biyo ni, da alƙaluma zan yi magana.

2/ Mu huɗu muka haɗa dubu goma-goma, yayanta ya turo dubu 30. Ya kama dubu 70. Farashin da zan faɗa shi ne wanda na tarar a Kano a lokacin, kun san kasuwa ba ta kwana a wuri ɗaya, kar wani ya zo yana min musu a kan kuɗin kaza.

3/ Jerin farko da muka rubuta cikin zumuɗi: kek mai hawa biyu dubu 25, mai adon balan-balan dubu 20, mai hoto dubu 15, lemon roba dubu 10. Ku haɗa da kanku. Dubu 70 cif, kuma ba a ɗora tukunya ba. Na kalli takardar na ce to jama'a, balan-balan za mu ba baƙi su ci?

4/ Nan na gane kashe kuɗin biki iri biyu ne. Akwai wanda yake ƙaruwa da kowane mutum ɗaya da ya shigo: shinkafa, nama, abin sha, roba da cokali. Akwai kuma wanda ko mutum biyar ne suka zo ko talatin kuɗinsa ɗaya ne, wato kek, ado da hoto. Na farkon idan kika rage shi, baƙo zai ji a cikinsa. Na biyun kina iya zaftare rabinsa ba wanda zai koma gida da yunwa. Saboda haka wuƙa a kan na biyun take sauka.

5/ Sai ƙirga mutane. Mun gayyaci 15, amma na ce a dafa na 22. A hostal ba a zuwa biki mutum ɗaya. Wannan za ta taho da 'yar ɗakinsu, waccan da ƙawarta da ta kawo mata ziyara, ga na maƙwabcin ɗaki da ƙamshi zai kirawo, kuma ba za ki ce wa kowa ki koma ba. Duk adadin da kika gayyata, ɗora kusan rabinsa a kai.

6/ Kafin a sayi ko ashana na cire dubu 7, kashi ɗaya cikin goma, na sa a wata jaka daban. Saura dubu 63.

7/ Abinci: shinkafa kwano biyu dubu 9. Kaji uku a 7,500 kowacce, 22,500 ke nan, na sa mai yanka ya raba kowacce gida takwas, yanka 24. Tumatur, attaruhu, albasa, mai da kayan ɗanɗano dubu 8. Jimla 39,500. Idan aka raba wa mutum 22, kowane baki ya tashi kusan 1,800.

8/ Wannan 1,800 ɗin ita ce lambar da ta fi min amfani a duk hidimar. Da mai bazde ta zo tana cewa don Allah a ƙara mutum biyar daga ajinsu, ban yi dogon surutu ba. Na ce mata ƙawata, biyar sau 1,800 dubu 9 ne, daga kek za a cire ko daga ina? Ta yi shiru, ta ce a bar su, za ta kai musu yankan kek aji.

9/ Saura 23,500. Kek muka koma mai hawa ɗaya, dubu 12. Ku faɗi gaskiya, a bikin da kuka je na ƙarshe wa ya ƙoshi da kek? Ana yankawa, a ɗau hoto, kowa ya samu ɗan abin da bai kai faɗin yatsu biyu ba, wasu ma a tishu suke bari. Hawa na biyun nan na idon mutane ne kawai.

10/ Lemo muka soke gaba ɗaya. Zoɓo muka haɗa da citta, kanumfari da abarba, har sukari da ƙanƙara dubu 4 ya ci, kuma kowa ya sha ya ƙara. Fiyawota jaka biyu dubu ɗaya. Sai dai a kula, zoɓon da aka zuba wa sukari da abarba tun safe, ga zafi ga ba wuta, yana iya yin tsami kafin yamma. In kin ga ya fara kumfa a sama, ya tafi. Mu mun dafa mun tace da safe, sukari da abarba sai da azahar.

11/ Ado: fakitin balan-balan da salatif 2,500, muka hura da bakinmu har kumatu suka yi ciwo. Robobi da cokula dubu 4. Dubu 63 ta ƙare tas.

12/ Mai hoto kuwa lokaci ne ya maye gurbinsa. Mun sa taron daga bayan la'asar zuwa kafin magariba, a waje. Hasken yamma yana gyara hoton waya sosai, sannan babu zancen janareta da fetur, babu na neman abin hawa da dare.

13/ Yanzu kuskurena, don kar in yi kamar na iya komai. Na manta gas da kuɗin adaidaita sahu, ban rubuta su ba sam. Muna tsakiyar suyar kaza gas ya ɗauke, cikowa 2,500. Zuwa kasuwa da ɗauko kek dubu 3. Ƙanƙara ta narke aka ƙaro ta dubu ɗaya. Daga dubu 7 ɗin da na ɓoye, 500 ce ta rage. Waɗannan ba tsautsayi ba ne, abubuwa ne da na san dole za a kashe, kamata ya yi su shiga jeri tun farko. Da wani abu ya ƙara ɓallewa da sai na taɓa kuɗin abincina na wata.

14/ Na san masu cewa ai sau ɗaya ne a shekara, a bar mutum ya ji daɗinsa. Ban ƙi ba. In kuɗinki ne kuma kek mai hawa biyu ne burinki, saya, ki rage baƙi zuwa takwas, lissafi zai fita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tara mutum 20 a gaban ado mai kyau a miƙa musu shinkafa ba nama, ko a ci bashi saboda hoton da awa 24 zai yi a sitatus ya ɓace.

15/ Kuma girki da kanku ba kyauta ba ne. Mu huɗu muka wuni a kan tukunya, ranar Asabar ce shi ya sa. Da lokacin jarrabawa ne da oda zan ce a yi, ko da za a rage mutane.

16/ Mutum 24 suka zo a ƙarshe, har da mu. Yankan kaza 24. Ni da na riƙe kuɗin wuya na samu.