Miyar Firiza a Garin da Ake Ɗauke Wuta

Da yawa daga cikinmu, mu ɗalibai, mu ake bar wa aikin ɗumama miya idan an taso daga makaranta, Umma tana kasuwa ko wurin aiki. A gidajen Rido da Mararraban Rido, nan kusa da matatar mai ta Kaduna, an saba yin dage-dage tukunya guda a ƙarshen mako, musamman da rani lokacin da tumatur ke araha, a saka a firiza a riƙa ɗiba. Dabara ce mai kyau, amma mun lura cewa yadda ake yin ta a gidaje da dama shi ke jawo gudawar da ake ɗora wa ruwan sha.

Kuskuren shi ne a juye miyar duka a babbar roba ɗaya. Kullum sai a fito da ita, a jira ta narke, a ɗebi ludayi uku, a mayar. Ƙanƙara ba ta kashe ƙwayoyin cuta, barci kawai take sa su. Da zarar miya ta kai tsakanin digiri 5 da 60 sai su farka su hau hayayyafa, kuma zafin ɗakin girkinmu a watan Maris yana tsakiyar wannan iyaka. Robar da aka fitar sau shida ta ba su dama sau shida ke nan.

Mu ɗauki tukunya mai lita 5, a gidan da ake cin rabin lita a zama guda. Robobi 10 ƙanana masu murfi ake buƙata, ko ledoji masu kauri da za a shimfiɗa su kwanta kamar littafi. Kada a cika roba taf, a bar wuri kamar faɗin yatsa, don miya tana kumbura idan ta daskare. Kada kuma a bar tukunya ta kwana a kan murhu wai tana hucewa. A tsoma gindinta a baho mai ruwan sanyi ana juyawa, a raba, a saka a firiza kafin awa 2 da saukewa. In ana tsananin zafi, awa 1. A rubuta kwanan wata a jikin kowace roba da makar da muke zane da ita.

Wajen narkarwa, mafi sauƙi shi ne a juye daskararriyar miyar a tukunya, a zuba ruwa kaɗan, a rufe a kan wuta marar ƙarfi. Ko a sauko da roba ɗaya cikin firji tun dare. Mai sauri ya tsoma ledar a ruwan sanyi yana canza ruwan duk rabin awa. Abin da ba a yi shi ne a ajiye ta a kan tebur da safe a tafi makaranta: gefenta zai ɗumama tun hantsi alhali tsakiyarta ƙanƙara ce. Ko ta wace hanya aka bi, sai ta tafasa sosai har tsakiya, kuma abin da ya rage ba ya komawa firiza.

To, ina batun wuta? Firizar da take cike, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kamar kwana 2, wadda take rabi kuwa kwana 1. Saboda haka a cike gurbin da robobin ruwa, ƙanne kuma su daina leƙawa. Matsalar ita ce miya tana iya narkewa muna makaranta, a kawo wuta ta sake daskarewa, ba wanda ya sani. Ku daskarar da ruwa a kofi, ku ɗora tsakuwa wankakkiya a kai (da sulalla ake yi, amma wa ke ganinsu yanzu?). Ranar da kuka tarar da tsakuwar a gindin kofi, komai ya taɓa narkewa. Miyar da aka tarar da sauran ƙanƙara a jikinta ana iya barin ta ta sake daskarewa. Wadda ta narke har sanyinta ya fita, ba a san tun yaushe ba, zubarwa ake yi, ko da nama nawa ne a ciki. Mun san faɗin haka ga Umma ba sauƙi, amma hanci ba ya gano kowace ɓatacciyar miya, kuma wasu ƙwayoyin suna barin dafin da tafasa ba ta kashewa.

Ɗanɗano kuwa, a firizar da ke tsaye a digiri 18 ƙasa da sifiri, dage-dage tana yin wata 2 zuwa 3 da daɗinta. Bayan haka man da ke ciki ya fara warin tsufa, ƙamshin kayan miya ya dushe, naman da ya leƙo sama ya bushe ya yi fari-fari. Dankalin Turawa tun farko ma dagargajewa yake yi, gara a dafa shi sabo ranar ci. Da irin wutarmu mai zuwa ta koma, mu dai shawararmu a cinye cikin mako 3 zuwa 4, a fara da robar da kwanan watanta ya fi daɗewa.