Ƙasar fili ce ke zaɓar harsashin bene

Mai shirin gina bene, ƙasa da sama, yakan tambayi injiniya ko a yi wa kowane ginshiƙi gindinsa na kankare, ko a shimfiɗa kankare guda ƙarƙashin gidan duka. A ganina, awon ƙasa ne zai raba gardama. Ɗauki ginshiƙin da ke ɗauke da tan 45. A kan marmara mai jure tan 15 a kowace murabba'in mita, gindi mai murabba'in mita 3 ya wadatar, shimfiɗa a nan ɓarnar rodi da siminti ce. Amma idan ƙasar tan 5 kawai take jurewa, gindin zai koma mita 3 tsawo, mita 3 faɗi. In tazarar ginshiƙai mita 4 ce, gindayen sun cinye fiye da rabin filin, gara a haɗe su.

Wasu za su ce a yi shimfiɗar kawai, hankali ya kwanta. Ba ta maganin komai da komai. Baƙar laka irin ta Numan tana kumbura da damina, ta tsattsage da rani, kuma siririyar shimfiɗa marar kaurin katakon kankare a ƙarƙashinta tsagewa take yi tare da bango.